Goge Manhaja Daban, Soke Biyan Kuɗinta Daban

Ana jawo hankalin jama'a cewa goge manhaja daga waya ba ya tsayar da kuɗin da ake cira dominta kowane wata. Dalili kuwa shi ne, yarjejeniyar biyan ba a cikin wayar take ba. Tana ajiye ne a asusun mai wayar, tare da iznin da ya bayar na cirar kuɗi daga katinsa na banki. Lamarin kamar na ɗan haya ne da ya kwashe kayansa bai sallami mai gida ba: kuɗin haya na nan a kansa.

Alal misali, wanda ke biyan Naira 2,000 a wata, in ya goge manhajar kawai, bayan wata shida ya yi asarar Naira 12,000.

Mai wayar Android sai ya buɗe Play Store, ya taɓa hoton asusunsa, ya shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, ya zaɓi manhajar, ya danna Cancel subscription. Mai iPhone kuwa ya shiga Settings, ya taɓa sunansa, sannan Subscriptions. Wanda ya yi rajista kai tsaye da kamfanin manhajar, wajibi ne ya soke a wurinsu.

Shaidar an soke ita ce a ga ranar ƙarewa maimakon ranar sabuntawa. Galibi mutum zai ci gaba da amfani da manhajar har wa'adin da ya biya ya cika.