Dangantakar Kuɗin Talla da Ciniki: Bayanin Layin Rigireshan da Saurarsa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dabarar da masana ƙididdiga ke kira rigireshan, wato zana miƙaƙƙen layi guda wanda zai nuna yadda wani adadi ke sauyawa idan wani ya sauya. Hanyar lissafin layin ta fito ne a aikin Legendre na 1805, shi kuwa sunan ya samo asali daga binciken Francis Galton na 1886 a kan tsawon iyaye da na 'ya'yansu. A nan za a duba dabarar ta fuskar kuɗin talla da ciniki.

2.0 Misali

A ƙaddara wani kamfanin sabulu ya yi talla a rediyo har wata biyar. Ya kashe naira dubu 10 a watan farko, sannan dubu 20, 30, 40 da 50. Katan-katan ɗin da ya sayar kuwa su ne 120, 190, 240, 270 da 280. An tsara waɗannan alƙaluma ne domin misali kawai. Matsakaicin kuɗin talla dubu 30 ne, na ciniki kuwa katan 220.

3.0 Hawan Layi

Hawan layi shi ne yawan katan da ke ƙaruwa duk lokacin da aka ƙara naira dubu ɗaya a talla. Don samun sa, akan auna nisan kowane wata daga matsakaici. Watan farko, alal misali, ya gaza matsakaicin talla da 20, ya kuma gaza na ciniki da 100. Idan aka ninka su za a sami 2,000. Jimillar irin wannan ninki ta wata biyar 4,000 ce. Sai kuma a ninka nisan talla da kansa a kowane wata, a tara, a sami 1,000. Idan aka raba 4,000 da 1,000, hawan ya zama 4.

Da yake layin yakan bi ta kan matsakaitan biyu, mafarinsa shi ne 220 a ɗebe 4 sau 30, wato 100. Ke nan layin shi ne y = 100 + 4x, inda x ke nufin dubban naira, y kuma katan.

4.0 Dacewa da Saura

Layin ya yi hasashen katan 140, 180, 220, 260 da 300. Bambancin da ke tsakanin ainihin ciniki da hasashe shi ake kira saura. A nan saurar ita ce −20, +10, +20, +10 da −20. Idan aka ninka kowace da kanta aka tara, za a sami 1,400, kuma babu wani miƙaƙƙen layi da zai ba da ƙasa da haka. Da a ce matsakaicin 220 aka ɗauka a matsayin hasashen kowane wata, da jimillar ta kai 17,400. Ashe layin ya rage kuskuren da kusan kashi 92 cikin ɗari. Wannan shi ne ma'aunin dacewa, wanda ake rubutawa R² = 0.92.

Adadin yana da daɗin gani, amma jerin saurar ya tona asirin layin. Inda layi ya dace, saura takan warwatsu sama da ƙasa ba tare da tsari ba. A nan kuwa ta fara daga ƙasa, ta hau a tsakiya, ta sake sauka, alamar cewa dangantakar lanƙwasasshiya ce. Ƙarin dubu 10 daga watan farko zuwa na biyu ya zo da katan 70, amma ƙarin ƙarshe katan 10 kacal ya kawo.

Idan ribar katan naira 500 ce, hawan layin yana nuna cewa kowace dubu ɗaya tana dawo da dubu biyu. A haƙiƙa, kowace dubu ta ƙarin ƙarshe naira 500 ta dawo da ita, wato hasara ce. Manajan da ya dogara da layin ya kashe dubu 80 zai sa ran katan 420, alhali ciniki ya kusa tsayawa tun a 280.

5.0 Kammalawa

Akwai wata iyaka kuma da saura ba lallai ta nuna ba. Idan kamfani ya saba ƙara talla gab da Sallah, lokacin da kasuwa ke buɗewa da kanta, layin zai jingina wa talla cinikin da lokaci ya kawo. Saboda haka, kafin a amince da hawan layi, wajibi ne a jera saurar a duba tsarinta, a tsaya cikin iyakar kuɗin da aka taɓa gwadawa, sannan a binciki dalilin da ya sa aka ƙara talla a kowane wata.