Idan Mahalarta Suka Ragu Ana Tsakiyar Zama

Kowane zama yana da mafi ƙarancin mahalartan da sai sun cika hukuncinsa zai halatta. Sashe na 96 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce a majalisar dokokin jiha ɗaya bisa uku ne na dukkan 'yan majalisar. Ta Kano tana da kujeru 40, ke nan sai mutum 14.

Da an buɗe zama, magatakarda ya rubuta lokaci, da yawan waɗanda suka hallara, da adadin da doka ta nema. Rubuta "adadi ya cika" kawai ba ya wadatarwa, domin ranar gardama lamba za a nema.

Wahalar tana tsakiyar zama. A ce an fara da mutum 17, huɗu suka sulale kafin azahar. Wani ya miƙe ya yi ƙorafi, kakakin majalisa ya jinkirta gwargwadon ƙa'ida, aka sake ƙirgawa, ba su cika ba, dole ya ɗage zaman. Sai a rubuta: "Ƙarfe 12:40 aka yi ƙorafi ana kan batu na 5. Ƙarfe 12:55 aka ƙirga mutum 13. An ɗage zama, ba a yanke hukunci kan batu na 5 ba."

Ambaton batun nan shi ne jigo, don shi ke raba abin da aka zartar da adadi cikakke da wanda zai jira zama na gaba. Takardar sa hannu ba ta iya wannan aiki. Shigowa take nunawa, ba ta nuna fita.