Sabuwar Waya, Tsofaffin Saƙonni: Me Ya Sa Hirar WhatsApp Ke Ƙin Dawowa?

Mutane da yawa na ɗauka cewa hirarsu ta WhatsApp tana ajiye a hannun kamfanin, da zarar sun sa layi a sabuwar waya komai zai dawo. Ba haka abin yake ba. Saƙo na isa wayarka kamfanin yake goge shi daga na'urorinsa, don haka duk abin da kuka tattauna da 'yan uwa da abokan ciniki a cikin wayarka kawai yake. Kwafi ɗaya ne ke wajen wayar, wato ajiyar da manhajar ke turawa Google Drive ga masu Android, ko iCloud ga masu iPhone. Idan wannan ajiyar ta sami matsala, sabuwar waya za ta buɗe fayau: ga jerin zaurukan da kake ciki, amma babu ko saƙo ɗaya na baya.

Galibi ajiyar ta daɗe da lalacewa kafin a sayi sabuwar wayar. A ɗauki misalin mai sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Lissafin masu bashi, hotunan rasit da saƙonnin murya na ciniki duk suna cikin hirarta. Ta kunna ajiya tun da ta sayi wayar, ta zaɓi kullum, hankalinta ya kwanta. To amma manhajar tana zuwa ne a saite ta jira Wi-Fi kafin ta tura ajiya, ita kuwa, kamar yawancinmu a nan, da datar layi take aiki. Ajiyar ƙarshe da ta tafi ita ce wadda aka yi ranar da ta je gidan 'yar uwarta mai Wi-Fi, wata bakwai da suka wuce. Ranar da ta koma sabuwar waya, ko dai ta sami hirar wancan lokacin kaɗai, ko ta tarar babu komai, domin Google na iya share ajiyar da ta yi watanni ba a sabunta ta ba.

Gane wannan ba ya ɗaukar minti ɗaya. A shiga Settings, sai Chats, sai Chat backup. A nan ake ganin ranar ajiyar ƙarshe, girmanta, da adireshin Gmail ɗin da take tafiya. Idan ranar ta tsufa, a kunna Back up using cellular, a tabbatar akwai isasshiyar data, a danna Back up, a jira har ya kammala ranar ta koma ta yau. Mai son rage nauyi ya kashe Include videos, amma ya sani bidiyoyinsa ba za su bi shi ba.

Idan ajiyar ta tsaya a hanya duk da akwai data, sai a duba fili. Daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp a Android ta fara cin gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, wanda Gmail da hotunan Google Photos su ma daga ciki suke ci. Na iCloud ma ya fi ƙanƙanta, gigabait 5 ne. Wanda ke cikin zauruka ashirin da ake turo bidiyon biki da wa'azi dare da rana bai daɗewa yake cika shi, kuma daga ranar da ya cika sabuwar ajiya ba ta ƙara shiga.

Ko da ajiyar lafiyarta lau, ba ta buɗuwa sai abu biyu sun dace: lambar waya da asusun Google. A nan ne ake yawan tafka asara a shagon waya. Mai saye ya manta kalmar sirrin tsohon Gmail ɗinsa, yaron shago na sauri, sai ya ce, “Hajiya, bari kawai in buɗe miki sabo.” WhatsApp zai leƙa sabon asusun, ya tarar babu ajiya, ya wuce ba tare da ya tambayi komai ba. Haka nan wanda ya haɗa sauya waya da sauya layi a rana ɗaya, ajiyar tsohuwar lamba ba za ta amsa wa sabuwa ba. Abin yi shi ne a fara sauya lambar a tsohuwar waya ta Settings, Account, Change number, a yi sabuwar ajiya, sannan a koma sabuwar wayar.

Sai mataki mafi haɗari. Bayan an sa lambobi shida da aka turo ta tes, manhajar za ta nuna ta ga ajiya, ta ba da zaɓin Restore ko Skip. A wannan gaɓar kaɗai take tambaya. Wanda ya danna Skip don sauri, ko don tsoron ƙarewar data, ba zai sami maɓallin dawo da hira a cikin saiti ba. Google Drive kuma ajiya ɗaya yake riƙe wa kowace lamba a asusu, sabuwa na danne tsohuwa. Idan wayar da babu komai a cikinta ta tura tata ajiyar, ta shekaru ta tafi ke nan. Duk wanda ya tsallake bisa kuskure, ya goge manhajar nan take kafin ta yi wata ajiya, ya sake sauke ta, ya sake rajista, tambayar za ta dawo.

Masu kunna End-to-end encrypted backup su ƙara kula. Wannan kullen na hana kowa karanta ajiyar, har Google da WhatsApp kansu, amma idan kalmar sirri ko mabuɗin nan mai lambobi da haruffa 64 ya ɓace bayan tsohuwar waya ta bar hannu, babu ofishin da zai buɗe maka. A rubuta shi a takarda a adana a gida.

Idan tsohuwar wayar tana hannu kuma tana aiki, akwai hanyar da ta fi sauƙi. Tun 2023 manhajar ke da Transfer chats a ƙarƙashin Chats. A ajiye wayoyin kusa da juna da caji, a kunna Wi-Fi a dukkansu ko da babu inda za su haɗu da intanet, sabuwar ta nuna hoton QR, tsohuwar ta ɗauka, hira da hotuna su wuce kai tsaye. Daga Android zuwa iPhone kuwa ajiyar Google Drive ba ta da amfani. Ana bi ta manhajar Move to iOS ne, kuma sai iPhone ɗin yana sabo ko an wanke shi ya koma yadda ya fito daga kamfani.

Don haka kada ka yi musayar waya a tsaye a kasuwa, kada kuma ka bari a wanke tsohuwar a gabanka don kawai an ce an gama. Ka tafi da su biyun gida, ka buɗe hirarraki uku ko huɗu a sabuwar, ka gangara zuwa saƙonnin bara, ka saurari tsohon saƙon murya, ka buɗe hoton rasit. Sai sun buɗu sannan tsohuwar waya ta bar hannunka.