Arahar abinci a tukunya ake gane ta, ba a bakin tiya ba

A kasuwar Zango, haka ma ta Mai'adua da ke ci ranar Lahadi, tambayar da magidanci ke fara yi wa mai awo ita ce nawa tiya. Tambaya ce mai kyau, amma ba ta isa ta nuna masa abincin da ya fi araha ba. Hatsin da aka auno sai an surfa, an kai niƙa, an hura masa wuta, an yi masa miya, kuma kowanne da kuɗinsa. Abin da ya kamata a sani shi ne nawa cin mutum ɗaya ya tashi bayan an sauke tukunya, da kuma abin da jiki ya samu a cikin wannan cin. Duk gidan da ya yi wannan lissafi a ƙasar Daura zai tarar cewa wake, wanda ake gudu saboda tsadar tiyarsa, shi ne ke sauko da kuɗin abincin mako, ya kuma gyara shi.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da rufe iyakar Nijar da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, cefane ya zama babban nauyin gidajen garuruwan bakin iyaka irin su Zango, Baure da Mai'adua. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da mafi ƙarancin kuɗin da baligi ɗaya ke buƙata don cin abinci mai gina jiki a rana. A watan Yunin 2024 ta ce a matsakaici kuɗin ya kai naira 1,241 a faɗin Najeriya, kuma Katsina na cikin jihohin da suka fi sauƙi, inda bai kai naira dubu ɗaya ba. To ko da a naira 900 aka tsaya, gida mai cin manya shida na buƙatar naira 162,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Mai irin wannan giɓi ba shi da sararin yin cefane da ka.

Lissafin ba shi da wuya. Da farko a ƙidaya masu ci, a ɗauki ƙaramin yaro a matsayin rabin babba: gida mai manya huɗu da ƙananan yara huɗu yana da rabo shida ke nan. Sannan a rubuta duk abin da ya shiga tukunya ɗaya, har da niƙa da itace, a tara, a raba shida. Farashin da zan yi amfani da shi misali ne kawai, mai karatu ya sa na kasuwarsu na wannan makon a gurbinsa. A ɗauka tiyar dawa naira 1,400 ce, ta wake 2,400, ta shinkafa 'yar gida 3,600, kuma tiya tana ɗaukar kimanin kilo biyu da rabi. Tuwon dawa miyar kuka na wannan gida zai ci rabin tiya, wato 700, niƙa 100, itace 300, kuka da daddawa da barkono da gishiri 400, mai 300. Jimla 1,800, kowane rabo ya tashi naira 300. A lura da kyau: dawar kanta ba ta kai rabin kuɗin ba. Wanda ya zagaye kasuwa don a rage masa naira hamsin a tiya, amma bai taɓa tambayar nawa itace da mai ke ci a gidansa ba, ya bar inda kuɗin ke zurarewa.

Abincin rana ne ya fi nuna bambanci. Farar shinkafa da mai da yaji za ta ci rabin tiya, 1,800, ga mai 500, yaji da albasa 200, itace 200. Jimla 2,700, wato 450 kowane rabo. Idan aka rage shinkafar zuwa kwatan tiya, aka cike da kwatan tiyar wake, shinkafa ta koma 900, wake 600, mai da yaji na nan yadda suke, itace ya hau 350 saboda wake na daɗewa a wuta. Jimla 2,550, wato 425. An sami ragi kaɗan, amma babbar ribar ba a kuɗin take ba. Shinkafar da aka cashe tana da sinadarin gina jiki, wato furotin, kimanin kashi 7 cikin ɗari, wake kuwa kimanin kashi 23. Mai cin farar shinkafa ya sami giram 15 ko kusa da haka, mai cin shinkafa da wake ya sami kusan giram 30, ninki biyu a kuɗin da bai kai na farko ba. In kuma aka cire shinkafar aka dafa dawa da wake, tukunyar za ta tsaya wajen 2,000, kimanin 333 kowane rabo. Akwai wani dalilin da ya sa haɗin ya dace: furotin ɗin gero da dawa yana da ƙarancin wani ɓangare da jiki ba ya iya haɗa wa kansa, wake kuma yana da shi a wadace, don haka in sun haɗu a rana ɗaya jiki ya fi amfana da su duka biyun.

Daga nan ake gina mako. Gidan da ke cin farar shinkafa kullum da rana zai kashe 18,900 a kwana bakwai. In ya yi dawa da wake ko ɗanwake kwana huɗu, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli kwana biyu a kan kimanin 2,000 kowace tukunya, ya ajiye shinkafa da wake don ranar Juma'a, zai kashe 14,550. An tsira da fiye da naira 4,000, ba tare da an rage wa kowa loma ba. A ganina, abin da za a yi da wannan rara shi ne muhimmin hukunci a duk lissafin, kuma a nan ne masu bin araha zalla ke kuskure.

Domin in araha kaɗai za a bi, tuwo da miyar kuka marar komai ne zai ci gasar safe, rana da dare, kuma gidan zai ƙoshi alhali jini na raguwa. Ba a gwada tuwo da ƙwai, kamar yadda ba a gwada kuɗin jinka da na ƙofa a ce a bar ɗaya. Kowanne aikinsa daban. Ana gwada hatsi da hatsi, wake da gyaɗa da waken suya, ganye da ganye, nono da kifi da ƙwai, a ɗauki mafi sauƙi a kowane rukuni. Rahotannin hukumar ƙididdigar sun nuna cewa abincin da ake samu daga dabbobi ne rukuni mafi tsada, yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Amma akwai bitamin B12 da ba a samunsa a hatsi ko wake, kuma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin nama da kifi ya fi saurin shiga jiki. Saboda haka rarar nan ta naira 4,000 ta tafi ga nono a dama fura, da busasshen kifi a daka a zuba a miyar dare sau biyu ko uku, da ƙwai ga mai ciki da yaron da ake shirin yayewa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro mai wata 6 zuwa 23 ya ci daga rukuni biyar aƙalla cikin rukunan abinci takwas a kowace rana. Kunun gero tsura rukuni ɗaya ne. In aka dama shi da gyaɗa ya zama biyu, aka ba shi nonon uwa, ɗan ƙwai da miyar zogale, an cika biyar.

Manomi zai ce shi wannan lissafi bai shafe shi ba, tunda geronsa da wakensa daga rumbu yake ɗiba. Ya shafe shi fiye da kowa. Hatsin rumbu yana da farashi, shi ne abin da za a ba shi in ya kai kasuwa. Wanda bai sa wa wakensa wannan ƙima ba shi ne ke sayar da shi duka da kaka, lokacin da ya fi faɗuwa, ya sayo taliya da shinkafa, sannan da bazara ya dawo yana sayen waken da tsada ko ya haƙura da shi. Tsoron ƙwari ne ke sa da yawa saurin sayarwa, alhali wake busasshe da aka ɗure a jarka mai murfi ko buhun nan mai leda biyu a ciki, aka hana iska shiga, yana kai wa damina lafiya ba tare da magani ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na itace, kuma gaskiya ne wake na cin wuta. Shi ya sa aka sa masa ƙarin kuɗin itace a lissafin sama, kuma duk da haka ya fi sauƙi. Jiƙa shi tun dare yana rage lokacin dahuwa sosai. Kanwa ma na saurin nunar da shi, sai dai in ta yi yawa tana lalata wasu bitamin, don haka jiƙon ya fi. Akwai kuma mai cewa uwargida ta san duk wannan da ido. Ta san awo, babu shakka, ta fi kowa sanin aukin kowane hatsi. Abin da sau da yawa ba ta sani ba shi ne nawa aka sayo, shi kuma maigida bai san kwana nawa tiya ke yi ba. Rabin lissafin na hannunta, rabi na hannunsa, kuma ba zai fito ba sai sun zauna tare.

Wanda lissafin ya fi yi wa nauyi shi ne mai samun kuɗin cefane kullum-kullum, mai sayen man gyaɗa a ƙullin leda da gari a gwangwani. Shi ke biyan mafi tsada a kowane rabo, domin kowane ƙulli da ribar mai ƙullawa a ciki. Lissafi ba zai ƙara masa kuɗi ba, amma zai nuna masa abu ɗaya ko biyu da suka cancanci a haɗa kuɗi da maƙwabta a saya a dunƙule, galibi mai da wake. Kuma jadawalin ba na dindindin ba ne. Da rani tumatir da albasa da kabeji na fadama suna sauka, da damina kuma su hau, a koma ga busasshen tumatir da kuɓewa, ga tafasa da rama da yakuwa a bakin gona kusan kyauta. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli a duba su da kyau, duk wanda ya yi fumfuna ko ɗaci a zubar, domin gubar da ke cikinsa tana lahanta hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta.

Maigida da uwargida su ɗauki littafin ɗan makaranta, su rubuta tukwane biyar da aka fi ɗorawa a gidan, kowace da kuɗin hatsinta, niƙanta, manta da itacenta, su raba da yawan masu ci. A sake lissafin da kaka, a sake da bazara, a kuma sake in damina ta yi tsakiya. Abin da aka rage a shinkafa kada ya koma aljihu; a kai shi ga nono da kifi da ƙwai, a fara da kwanon yara.