Kwalliya Ta Yi, Saura Hanyar Oda

Mai atamfa ta ɗaga turmi a bidiyo, launi ya fito, sai ta rufe da "ku neme mu". A neme ta ina? Nan ciniki yake zubewa.

Masu sayarwa da suka goge a Instagram da TikTok sukan faɗi abu guda da mai kallo zai yi: "Hajiya, ki ɗauki hoton wadda kike so, ki turo ta WhatsApp tare da adadin turmi da sunan garinku." Da wannan jimla an kashe tambayoyi uku. Lambar kuwa a bar ta rubuce a kan allo har a gama karanta ta da baki, domin mai kallo ba ya riƙe da biro.

Mahaɗin WhatsApp ya fi sauƙi. Ana rubuta `wa.me/`, sai 234, sai lambar ba tare da sifirin farko ba. Wanda ya bar sifirin, mahaɗin kan ƙi buɗe hirarsa, shi ya sa ake gwada shi a wayar wani kafin a wallafa.