Ƙwayar Barci a Ɗakin Takaba

Labarin gwaggona gajere ne, ana iya ba da shi kafin shayi ya huce. Mijinta ya rasu bayan zaman aure na shekara 34. Kwanakin farko gida cike yake da masu ta'aziyya, ana ta sauke tukwane, mata na kwance a tsakar gida kamar ranar biki. Da aka yi sadakar bakwai, na nesa suka ɗaure kaya, na kusa suka koma sai leƙowa da rana. Daga nan ne dare ya zame mata aiki. Takan kwanta bayan lisha, ta yi juyi har ƙarfe biyu, kunnenta na jiran abin da ya saba ji: tarin Malam, ƙarar butarsa in ya fita alwala, da ƙaramar rediyon da yake bari a kunne a gefen matashi. In barci ya ɗan fizge ta, kafin kiran assalatu ta farka, zuciya na dukan uku-uku.

Wata maƙwabciya ce ta tausaya mata. Ta kwance bakin zane ta miƙo mata wata 'yar ƙwaya rawaya, ta ce, "Hajiya, sha wannan ki runtsa. Ni ma da shi na yi tawa takabar." A daren nan Gwaggo ta yi barcin da ta kwana biyu ba ta yi irinsa ba. Washegari ta aiki jikanta kemis da fankon maganin, ya dawo da kati guda, babu wanda ya tambaye shi takardar likita.

Ƙwayar diyazefam ce mai miligiram 5, wadda aka fi sani da Baliyam. Tsohon magani ne, tun 1963 yake kasuwa, kuma yana da amfaninsa na gaske a hannun likita, misali wajen tsayar da jijjiga. Yana da 'yan'uwa da yawa, irin su buromazefam da ake sayarwa da sunan Lekzotan, da nitirazefam, duk aikinsu iri ɗaya. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da Allah ya halitta wanda aikinsa shi ne taka birki, ya lafar da jijiyoyi in sun ɗau zafi. Abin da waɗannan ƙwayoyi suke yi shi ne ƙara wa birkin nan ƙarfi. Shi ya sa wanda ya sha zai ji jikinsa ya saki, fargaba ta kwanta, ido ya yi nauyi.

Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta yarda a danne ta kullum. In aka jera darare ana ƙara wa birkin ƙarfi daga waje, sai ta rage nata, don ta dawo daidai inda ta saba. Cikin makonni kaɗan ƙwayar da ke kwantar da mutum ta daina kwantar da shi, sai an ƙara. In kuma aka yi dare ɗaya ba a sha ba, birkin cikin gida ya riga ya yi sanyi, sai rashin barcin ya dawo fiye da na farko. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idar likitoci ta ce kada a wuce mako 2 zuwa 4 ana shan irin wannan magani don barci. Takaba kuwa wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, wato wajen kwana 130. Macen da ta fara sha a makon farko ta ce sai ta fita takaba za ta bari, ta ninka iyakar nan fiye da sau huɗu.

Haka ta faru da Gwaggo. Kafin arba'in ta koma ƙwaya biyu. Ranar da ta fita takaba, aka yi mata kitso da lalle, 'yan'uwa na ta yi mata barka, tana shan uku kowane dare, miligiram 15 ke nan. Ba ta taɓa ɗaukar kanta mai shaye-shaye ba, mu ma ba mu ɗauke ta haka ba. Tsohuwa mai carbi a hannu, wa zai kawo wannan a ransa? A wurinmu 'yan ƙwaya su ne samarin bakin tasha.

Alamun suna nan a fili, mu ne muka yi musu wata fassara. Ta kan ɗora tukunya ta manta. Ta tambaye ka labarin yara, bayan ɗan lokaci ta sake tambaya. Da hantsi harshenta na yin nauyi, tafiyarta na tangaɗi, har wata rana ta zame a bakin rijiya ta gurɗe a hannu. Muka ce tsufa ne da zafin rashi. Gaskiyar ita ce diyazefam magani ne mai daɗewa a jiki. Kafin rabin abin da aka sha ya fita sai an yi kwana ɗaya zuwa biyu, abin da hanta ke juya shi ya koma kuma ya fi haka daɗewa, a jikin tsofaffi abin ya ƙara jan lokaci. Ƙwayar jiya ba ta gama fita ba an ɗora ta yau. Saboda haka ba da dare kaɗai take cikin maganin ba, a cikinsa take wuni. Faɗuwa ita ce babban abin tsoro ga mai shekaru, don karayar ƙugu na iya kwantar da tsohuwa har ƙarshen rayuwarta. Wata alamar kuma, wadda sai daga baya na tuna, ita ce yadda hankalinta ke tashi in katin ya kusa ƙarewa. Ko da magariba ce sai ta nemi yaron da za ta aika.

Babban ɗanta ne ya gano, ya tarar da fankunan a ƙarƙashin katifa. Ya yi abin da yawancinmu za mu yi: ya tattara sauran ya watsa a masai, ya hana yara zuwa mata kemis. Niyyarsa mai kyau ce, amma kuskuren ya kusa yin muni. Kwana biyu na farko ba a ga komai ba, har yana cewa ai ga shi nan an rabu da abin. Maganin da ya taru a jikinta ne bai gama fita ba. A rana ta huɗu hannunta ya fara rawa har ba ta iya riƙe kofi, gumi na keto mata, ƙarar faɗuwar murfin kwano sai ta zabura. Ta kwana biyu ba ta runtsa ba, tana cewa ƙasa na motsi a ƙarƙashin ƙafarta. Wasu a gidan suka fara zancen iska, aka kawo rubutu da hayaƙi. Wata ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya ce ta zo gaisuwa, ta ji labari, ta ce a tashi a tafi asibiti yanzu. Yanke irin wannan magani farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tana iya yin kisa.

Abin da likitan ya yi ya ba ɗanta mamaki, don mayar da ita kan maganin ya yi. Ya ce, "Mama, ba laifinki ba ne, jikinki ne ya saba. Da tsani za mu sauko, ba za mu diro ba." Sai da ta natsu a kan miligiram 15 ɗin, sannan aka fara ragi. Akwai diyazefam ƙarama mai miligiram 2, wadda in an raba ta biyu ake samun miligiram 1, da ita aka yi aikin. Makon farko ta sha 14, wato manya biyu da ƙanana biyu. Mako na gaba 13. Haka har aka kai 10 cikin mako biyar. Daga nan aka sassauta, sai bayan mako biyu ake cire miligiram 1, domin ƙarshen tsanin ya fi farkonsa wuya: cire 1 daga 15 ɗan kaɗan ne, cire 1 daga 4 kuwa kwata ne guda. Da ta kai 6 barcin ya sake watsewa, likita ya ce a tsaya a nan wata guda, kada a koma sama, kada kuma a ci gaba sai ta daidaita. 'Yarta ce ke riƙe da maganin, tana ba ta na kowane dare. Gaba ɗaya abin ya ci kusan wata bakwai, ya fi takabar tsawo. Wannan salon saukowa a hankali ba sabo ba ne. Wata likita a Birtaniya, Farfesa Heather Ashton, ta yi shekara goma sha biyu daga 1982 tana kula da masu son rabuwa da waɗannan ƙwayoyi a Newcastle, kuma jadawalin da ta tsara ya bazu a duniya. Sai dai lissafin Gwaggo nata ne, wani nasa zai bambanta, likita ne ke tsara shi.

Ragin kaɗai ba zai isa ba, tunda abin da ya hana ta barci tun farko yana nan. A nan ne nake ganin mu danginta muka gaza. Mai takaba tana wuni a ɗaki, ba fita, ba aikin kirki, ana ta cewa ta kwanta ta huta. Ta gyangyaɗa da hantsi, ta gyangyaɗa bayan azahar, ta ci goro da la'asar, a kawo mata shayi mai kauri da dare, sannan a yi mamakin ido ya ƙi rufuwa. Likitan ya sa ta riƙa tashi lokaci ɗaya kullum, kada ta koma bayan asuba, ta fito tsakar gida ta sha hantsi. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. Goro da shayi su tsaya daga azahar. In ta kwanta ta ga barci ya ƙi zuwa, kada ta zauna kokawa da matashi, ta tashi ta zauna a tabarma ta ja carbi a haske kaɗan, sai ta ji nauyin ido ta koma. Aka kuma mayar da wata jikarta ɗakin tana kwana da ita. A ganina wannan na ƙarshen ya yi rabin aikin, don shirun ɗakin ne ke cin ta.

Rashin barci bayan mutuwar miji ba cuta ba ce a karan kansa, ga mafi yawan mutane yakan lafa da kansa cikin makonni. Inda ya kamata a nemi likita shi ne in an ga ta daina cin abinci tana ramewa, ko tana cewa gara ta bi shi, ko watanni shida sun wuce baƙin cikin bai sassauta ba har ya hana ta harkar yau da kullum. Wannan yana iya zama ciwon damuwa, maganinsa daban ne, ƙwayar barci rufe shi kawai take yi. Haka kuma haɗa ta da tiramadol ko maganin tari mai kodin na iya danne numfashi mutum ya wuce cikin barci, ga shi tsofaffi da yawa na shan na ciwon gwiwa ba tare da sun san abin da ke ciki ba.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma ba sai wanda ya tuɓe a titi ake kaiwa can ba. Likitan babban asibitin garinku ma zai iya fara aikin. In ka tarar da fankunan nan a ɗakin mahaifiyarka, kada ka zubar da sauran, kada ka yi mata faɗa. Tambaye ta guda nawa take sha, tun yaushe, ka ɗauki katin a aljihu ku tafi wurin likita tare.