Batirin dalma ko na lityum: lambar da ke jikin kwali ba ita ce wutar da za ka sha ba

Mai shagon kayan sola zai nuna maka batirin dalma, irin dogon nan mai ruwa, an rubuta masa 12V 200Ah. A lissafi yana ɗauke da yunit 2.4, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Abin da ba kowane mai shago ke faɗa ba shi ne, rabi kawai ake son ka sha. In kana tatse shi ƙarƙaf kullum, ba zai yi ƙarko ba. Ke nan guda huɗu da aka jera wa inbata mai 48V, yunit 9.6 ne a rubuce, amma 4.8 ne naka.

Shi kuwa na lityum mai ƙarfe da fosfet, wanda ake rubuta wa LiFePO4, guda ɗaya mai 51.2V 100Ah yana ɗauke da yunit 5.12, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba tare da an cutar da shi ba. Wato akwati ɗaya, da nauyinsa bai kai na dogon batir guda ba, ya kusa yin aikin huɗun nan.

Wajen daɗewa ne tazarar ta fi faɗi. Na dalma mai kyau yakan jure caji da sauka wajen sau 1,000 zuwa 1,500, na lityum kuwa 3,000 zuwa 6,000. Amma alƙaluman nan a ɗaki mai zafin digiri 25 aka auna su, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage rayuwar na dalma da rabi. To, ina ga Kano ko Maraɗi a watan Afrilu? Ga kuma rashin cika caji: in damina ta rufe rana kwana da kwanaki, wani farin gishiri yakan daskare a farantan ciki. Alamarsa, batir ya nuna ya cika da wuri, amma fanka ta tsaya tun tsakar dare. Shi ma na lityum zafi na tsufar da shi, sai dai zama rabi-rabi bai dame shi ba, ba ya kuma neman ƙarin ruwa.

Farashi na bin dala, don haka mu ƙaddara kawai: huɗun dalma naira miliyan 1, na lityum miliyan 1.5. Na farko, yunit 4.8 sau 1,000 ya ba da 4,800, kowane yunit kusan naira 208. Na biyu, yunit 4 sau 4,000 ya ba da 16,000, kusan naira 94.

A ganina, wanda wutar gwamnati ke ɗauke masa jefi-jefi, na dalma ya ishe shi. Mai dogaro da batir kowane dare, lityum ya fi masa araha, muddin bai faɗa hannun masu cusa tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati ba. Kafin ka biya, a cika shi, a ɗora masa kaya mai wat 1,000, ka duba agogo: ya kamata ya yi awa huɗu.